Kumburin fenti a saman taya: in sayi motar ko in bar ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wata Korola da aka kawo daga Kwatano, injinta lafiya lau, amma fenti ya yi ƙuraje ƙanana a saman tayar baya ta dama. Dillali ya ce motar galbanize ce, ba ta tsatsa, kuma ko ta fara, busasshiyar iskarmu za ta tsayar da ita. Ya rage mini jika ɗari da hamsin. Wani tolye kuma, wato mai gyaran jikin mota, ya ce mastik da fenti kawai take so, aikin yini ɗaya. In saya? Daga ɗan'uwanku a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ba da ko dala sai ka kwanta ƙarƙashin motar nan da tocila a hannunka. Fentin da ya kumbura ba daga sama ciwonsa yake ba. Tsatsa ce ta ci ƙarfen daga ƙarƙashi, ta taso ta ɗaga fentin, kuma abin da ido ke gani yawanci bai kai rabin abin da ke ɓoye ba.

Tsatsa na buƙatar abu uku su haɗu: ƙarfe tsirara, ruwa, da iskar oksijin. In aka raba ɗaya da sauran, ba ta samuwa. In kuwa akwai gishiri a cikin ruwan, aikin sai ya yi sauri ƙwarai, domin tsatsa wani ɗan aikin lantarki ne da ke gudana a fuskar ƙarfe, ruwan gishiri kuma ya fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ta zama mugun ciwo shi ne halinta. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa girma sau da yawa, ga ta da ƙofofi kamar soso. Tana kumbura, ta fasa fenti, ta sha ruwa ta riƙe, ruwan ya ci sabon ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ƙarfen jikin mota kuwa kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba, saboda haka tafiyar ba ta da nisa kafin ya huje.

Maganar dillali akwai gaskiya a cikinta, sai dai rabi ce. Galbanize na nufin an shafe ƙarfen da tutiya, irin wadda ke sa sabon kwanon rufi ƙyalli. Ko dai a bi da fallen ƙarfen ta cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 460, ko a liƙa ta da lantarki. Kamfanin Audi ya fito da ƙirar 80 mai cikakken jikin galbanize a 1986, daga baya abin ya yaɗu, har ya zama yawancin motocin da ake kawo mana yau suna da tutiya a mafi yawan fallayensu. Tutiya tana aiki biyu. Na farko, rufi ce. Na biyu shi ne ya fi ban sha'awa: in tsakuwa ta karce jikin mota har ƙarfe ya fito, tutiyar da ke gefen karcen ita ce ke fara cinyewa, ƙarfen ya zauna lafiya. Tana fansar ƙarfe da kanta. Shi ya sa za ka ga an huda kwano da ƙusa, a shekara da shekaru bakin hujin bai yi ja ba.

To amma duba kwanon da ya tsufa a kan tsofaffin shaguna, ai ja ne wur. Tutiyarsa ta ƙare. A jikin mota kaurinta bai wuce mikron bakwai zuwa goma ba, alhali silin gashin kai ɗaya yakan kai mikron saba'in, mikron dubu kuwa su ne milimita ɗaya. Kuma kariyar da take yi wa wurin da ya buɗe ba ta wuce 'yan milimita kaɗan daga bakinta. Ƙaramin karce tana iya masa, wuri mai faɗin tafin hannu ya fi ƙarfinta. Galbanize jinkiri ce take saya wa mota, shekaru masu yawa in an yi sa'a, ba rigakafin har abada ba.

Wannan ne ya sa ake bin ta da fenti hawa-hawa. A masana'anta ana wanke gangar motar, a yi mata wani wanka na fosfat don fenti ya kama, sannan a tsoma ta ɗungurungum cikin tafkin fenti a sakar mata lantarki. Lantarkin ne ke jan fentin ya shiga kowane lungu, har cikin ƙofofi da cikin ƙarafunan da suke kamar bututu, a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 180. Wannan hawa, mai kaurin mikron ashirin ko kusa da haka, shi ne babban mai gadi, kuma babu garejin da zai iya maimaita shi, a Maraɗi ne ko a Turai. A kansa ake fesa fentin shimfiɗa mai tare bugun tsakuwa, sai launi, sai ruwan ƙyalli na sama mai tare rana. Duka in an haɗa, tsakanin mikron ɗari ne da ɗari da hamsin, wato kaurin silin gashi biyu.

Yanzu mu koma kan motarka. In mai tutiya ce kuma ta yi ƙuraje a saman taya, ɗayan biyu ne. Ko dai ta yi shekaru a ƙasar da ake watsa gishiri a kan hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kamar Beljiyam, Jamus, Suwizalan ko Kanada, laka mai gishiri ta taru a leɓen ƙarfen da ya lanƙwashe ta cikin mazaunin taya, ta yi ta cin tutiyar har ta ƙare. Ko kuma an taɓa bugun wurin aka gyara. Gugar inji tana kankare tutiya, walda kuma tana ƙone ta, domin tutiya na tafasa a digiri 907, ƙarfe kuwa sai ya kai wajen 1500 yake narkewa. Wannan farin hayaƙin da ke tashi in ana waldar ƙarfe mai tutiya, ita ce ke tafiya, kuma shaƙarsa na sa zazzaɓi, abin da nake so yaran gareji su sani.

Bambance su ba wuya. Ka nemi ɗan ƙaramin maganaɗisu marar ƙarfi sosai, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi da shi a saman tayar hagu, sannan ta dama. In yana kamawa daidai a hagu, amma a dama ya saki ko ya yi sanyi, akwai mastik a ƙarƙashi, wato tsohon gyara ne. Wannan, in ka tambaye ni, shi ne labari mafi daɗi a cikin biyun, don ciwon wuri ɗaya ne. In kuwa babu mastik, ka sa yatsa ta cikin leɓen ka ji yana ɓarɓashi, hagu ma ta fara, to gishiri ne, kuma gishiri ba ya zaɓen wuri. Duk ƙarƙashin motar ya sha abin da wannan leɓen ya sha.

Saboda haka ka kai ta inda ake wankin mota mai rami, a wanke ƙasanta, ka shiga da tocila da sukundireba. Ka duba dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya, musamman wurin da ake kafa jak. Ka duba inda ƙafafun mota suke ɗaure da jiki, da ƙarfen da ke ɗauke da inji, da siraran bututun birki. Ka ɗaga darduma ka ga daɓen, ka fitar da tayar ajiya ka leƙa raminta. Jan ƙura-ƙura da ke gogewa ya bar ƙarfe mai santsi ba abin damuwa ba ne, kusan kowace tsohuwar mota na da shi. Ka ƙwanƙwasa: lafiyayyen ƙarfe amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa shiru, kamar ka bugi kwali. Ka danna da sukundireba, in ya lotsa ko ya ɓare falle-falle, ya mutu. Kuma ka yi hattara da ƙarƙashin da aka fesa wa sabon baƙin kwalta yana sheƙi a motar da ta shekara goma sha. Na taɓa raka wani maƙwabcina duba irin wannan, mai motar na ta yabon tsabtar ƙasanta, da muka kafa jak sai ƙarfen ya nutse ciki kamar gwangwani.

Ga hukuncina. In ƙarƙashi lafiya yake, ciwon na saman taya kaɗai ne, ka saya, ragin da aka yi maka ya isa a yi aikin kirki. In tsatsa ta huda ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi, ko mazaunin ƙafafu, ko bututun birki sun yi ƙaiƙayi, ka bar ta ko an ninka ragin. Waɗannan su ke riƙe mota ranar haɗari, kuma hanyar Dan Isa ko ta Tasawa da lodi ba ta yi wa ruɓaɓɓen ƙarfe sauƙi.

Batun iskarmu kuwa, gaskiya ne rani da hunturu suna rage wa tsatsa gudu, shi ya sa motar da ta tsufa a nan ta fi ta bakin teku lafiyar jiki. Amma gishirin da ya shiga tsakanin fallaye biyu ba ya fita don mota ta canza ƙasa. Yana nan yana jiran damina, daga Yuni zuwa Satumba, da ruwan wankin da ake kwarara mata kowane mako. Ƙurarmu ma tana toshe ƙananan hujojin da ke gindin ƙofofi, waɗanda aka yi don ruwa ya fita, ta zama taɓo ta zauna. Ka riƙa zure su da ɗan tsinke kafin ruwa ya sauka. In kana ɗaukar taki, gishiri, kanwa ko raguna a baya, ka shimfiɗa leda mai kauri, ka wanke ka shanya, don duk suna cin ƙarfe.

Shi kuwa tolye, ka gaya masa ba ka yarda da aikin yini ɗaya ba. Mastik ba ya kashe tsatsa, yana ma shan ruwa in ya samu hanya ta baya, damina ɗaya ko biyu ƙurajen su dawo fiye da da. A kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, a wuce iyakar tsatsar da kamar yatsa biyu. In ya huje, a yanke ruɓaɓɓen a yi waldar sabon falle. A shafa fentin hana tsatsa, mai tutiya ko na efoksi, ciki da waje, kuma a ranar, kada ƙarfe ya kwana tsirara. Mastik ya zo ne don daidaita fuska kawai, kada kaurinsa ya wuce milimita uku. Bayan launi da ƙyalli, a fesa kakin hana tsatsa ko mai mai kauri ta bayan fallen, inda walda ta ƙone komai. Wannan na ƙarshen shi aka fi tsallakewa tunda mai mota ba ya gani, don haka ka tsaya a kai a cire tayar a yi shi a gabanka.