Lambar da ake turowa ta saƙon waya da makullin tsaro: wanne ya fi?

Tambaya: Na sa imel ɗina ya riƙa turo mini lamba ta saƙon waya duk lokacin da zan shiga. Wani abokina ya ce duk da haka ana iya sace asusun, wai in sayi makullin tsaro. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ya faɗa maka. Lambar nan mai alƙaluma 6 layinka ake tura wa, kuma layi yana hannun kamfanin sadarwa, su ke da ikon mayar da shi kan wani sim. Ɓarawo zai tattara sunanka da ranar haihuwarka, ya je wa kamfanin da cewa wayarsa ta ɓata, ko ya haɗa baki da wani ma'aikaci. Da zarar an ɗora layin a sabon sim, naka ya mutu. Sai ya buɗe shafin imel ɗinka ya ce ya manta kalmar sirri, lamba ta shigo wayarsa, ya sa sabuwa. Daga imel kuma sai banki, tunda can ake tura saƙon sauya kalmar sirri. Wayarka tana aljihunka duk aka yi wannan.

Alamar farko ita ce sabis ya ɗauke gaba ɗaya alhali na kusa da kai suna da shi a layin kamfani ɗaya. Idan ka kashe wayar ka kunna bai dawo ba, ari wata waya ka kira kamfanin da bankinka nan take.

Makullin tsaro, irin su YubiKey, ɗan ƙaramin abu ne da ake soka wa kwamfuta ta USB ko a kara a bayan waya ta NFC. Ranar da ka yi masa rajista, yana ƙirƙirar sirri na wannan shafin kaɗai, kuma sirrin ba ya fita daga cikinsa. Idan za ka shiga, shafin zai aiko da tambaya, ka taɓa makullin da yatsa, shi kuma ya sa hannu a kai. Babu abin da ya bi ta layin waya, balle a tare shi. Yana kuma duba adireshin shafin: idan na bogi ne, ba zai amsa ba. Ita kuwa lamba, da hannunka za ka rubuta wa ɗan damfara ita.

Inda mutane ke yin sakaci shi ne su sa makulli amma su bar lambar waya a matsayin hanyar dawo da asusu. An kulle ƙofa ke nan an bar taga a buɗe. Sayi makulli 2, ka yi wa duka rajista, ka adana ɗaya a gida. Rubuta lambobin ko-ta-kwana, wato waɗanda shafin ke ba ka don shiga idan makulli ya ɓata, a takarda, sannan ka cire lambar wayar. Inda ba a karɓar makulli, manhaja irin Google Authenticator ta fi saƙo, domin a cikin wayar take samar da lamba duk daƙiƙa 30, ba ruwanta da sim.