Cajin waya da hasken rana: wane faranti ya dace?

Tambaya: "Ina son buɗe wurin cajin waya a ƙauyenmu kusa da Tibiri, shin faranti mai wat 100 zai ishe ni?"

Malam, zai ishe ka matuƙar ba ka wuce waya ashirin a rana ba, domin da hasken ranar Maradi yana tara kusan wat-awa 400 a wuni, alhali babbar waya tana iya cin kusan 20. Abin da ke kashe jari shi ne batirin ajiyar wuta, saboda haka kada ka haɗa shi da farantin kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba, kuma idan ya sauka ƙasa da bolt 12 ka cire wayoyin. Lokacin hunturu na ga ƙura ta lulluɓe faranti har yatsa yana rubutu a kansa, caji ya ja baya, sai ka riƙa goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya.