Yadda ake ƙirga karta da gano abin da ke hannun abokin hamayya a wasan wist

Tambaya: Muna buga wist mu huɗu, biyu da biyu. Kafin a kai rabin wasa na manta katunan da suka fita. Shin dole ne in haddace duka 52, kuma ta yaya wasu ke sanin abin da ke hannuna?

Amsa: Ba dole ba ne, kuma ƙoƙarin haddace su ɗaya bayan ɗaya shi ne yake rikita ka. Abin da gwanaye suke riƙewa shi ne yadda kowane gida ya rabu tsakanin hannaye huɗu. Kowane gida katuna 13 ne, saboda haka da zarar ka ɗauki rabonka sai ka cire naka daga 13, ka san adadin da ke waje.

Ka fara da gidan yanka, wato gidan da katinsa ke cin na sauran gidaje, shi kaɗai har hannunka ya faɗa. Idan kana da huɗu, tara suna waje. Aka zaga sau biyu kowa ya bi, takwas sun fita, kana da biyu, saura uku a hannun mutane. Ka lura cewa zagaye ake ƙirgawa, huɗu-huɗu, sai ranar da wani ya kasa bi sannan ka rage ɗaya. Wannan kasawar ita ce shaida mafi ƙarfi a wasan, domin doka ta tilasta wa mai katin gidan da aka buɗe ya bi, wanda ya kasa kuwa ba shi da ko ɗaya har a tashi. Kada kuma ka manta katin ƙarshe da mai rabo ya buɗe don a san gidan yanka, domin yana hannunsa har sai ka ga ya ajiye shi.

Sauran sanin yana fitowa ne daga al'adar wasa. Yawancin 'yan wist, idan za su buɗe gidan da suka fi yawa a ciki kuma ba su da manyan katuna a jere, suna fitar da na huɗu daga sama. Daga nan aka samo lissafin 11: ka cire lambar katin daga 11, abin da ya rage shi ne adadin katunan da suka fi shi girma a sauran hannaye uku. Dalilin ba boyayye ba ne, domin idan aka ɗauki as a matsayin 14, aka cire manya uku da mai buɗewa ya riƙe, 11 ce take saura.

A ce shebur ba shi ne gidan yanka ba, abokinka ya buɗe da 7 na shebur, kai kuma kana da sarki, 10 da 4. Lissafi ya ba ka huɗu. Na biyu ya ajiye 8, ka sa sarki, na huɗu ya danne da as. An rasa zagayen, amma dubi abin da ka samu: sarki, 10, 8 da as su ne huɗun nan, duk sun bayyana. Ke nan sarauniya, jak da 9 suna hannun abokinka, abokan hamayya kuma ba su da sauran shebur da ya wuce 7.

A nan ne da yawa suke yin gaggawar mayar da shebur da zarar wasa ya dawo hannunsu, kuma a ganina kuskure ne. Na biyu a al'ada ƙaramin katinsa yake ajiyewa. In har 8 ne mafi ƙanƙanta a wurinsa, kuma lissafi ya nuna ba shi da wanda ya fi shi, to shebur ɗinsa ya ƙare, yana jiran ka dawo ne ya yanke sarauniyar abokinka. Idan kana da ƙarfi a gidan yanka, ka fara jawo nasu su ƙare, sannan ka miƙa wa abokinka 10 ya karɓa da jak ya ci gaba da kwasa.

Sai dai ka riƙa bambanta abin da doka ta tabbatar da abin da al'ada ta nuna. Lissafin 11 ba ya aiki idan abokinka ba ya bin tsarin na huɗu daga sama, don haka ku daidaita kafin a raba. Shi ma 8 ɗin nan yana iya zama yaudara, ko kuma alama ce ga abokinsa, domin a wist ajiye babba sannan ƙarami a gida ɗaya roƙo ne a fito da gidan yanka. Zagayen shebur na biyu ne zai raba gardama: in ya yanke, hasashenka ya tabbata, in kuwa ya fito da 3 ko 2, to ka ɗauka yana da ƙarfi a gidan yanka, ka daina jawowa.