Sabunta tsohon karusel ba tare da ya zama maimaici ba

"Ina da karusel, wato fos mai hotuna da yawa a jere, na turaren wuta da ya yi kyau bara a Instagram, ya zan sake fitar da shi mutane ba su ce na maimaita ba?"

Yar uwa kar ki ɗora hotunan nan yadda suke, ki fara shiga Insights na tsohon fos ɗin, inda ake ganin alƙaluman sa, ki duba me ya ɗaga shi, sabin ne wato ajiye fos ɗin, ko shiya wato tura shi ga wasu, ko kwament. In sabin ya fi yawa to bayanin ciki mutane ke so ba kwalliyar ba, shi za ki riƙe ki canza sauran.

Ni nawa na yadda ake gane humra mai kyau ne, shafi 8. Da na koma kwament sai na ga kusan kowa shafi na 5 yake tambaya a kai, inda na ce ƙamshin ya kamata ya kwana a jikin kaya, to shi na ɗauko na mayar shafin farko, na yi sabon hoto da wata kwalba a kan wani yadi daban, shafuka biyu na sharhi na zubar da su na sa amsar tambayoyin da aka yi min a wurinsu. Kafshin ma sabo na rubuta.

Shafi na biyu ma ki canza shi fa, don Instagram kan sake nuna wa mutum fos ɗin daga shafi na biyu in ya wuce na farko, in tsohon ne nan take za a gane. Canza kala kawai a Canva kam ba ya ɓoye komai wallahi, na gwada, wata kwastoma ta ce ai ta ga wannan. Kuma ki duba farashi kar na bara ya biyo ki, ni dai sai fos ya yi wata shida nake sake taɓa shi.