Abin da kika sani daban, abin da takarda ta faɗa daban

Tambaya: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gusau, ina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS. Tambayoyin TRUE, FALSE da NOT GIVEN na sashen karatu, inda ake auna magana da rubutun da aka bayar, ne ke kayar da ni, musamman in rubutun ya shafi lafiya. Sai in ga maganar gaskiya ce tsantsa, in zaɓi TRUE, in duba amsa in tarar NOT GIVEN ce. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ramin da kika faɗa na faɗa cikinsa lokacin da nake nawa shirin a Birnin Kebbi, kuma na ɗauki watanni kafin in gane cewa ba Turancina ke cin makina ba, sanina ne. Ba a tambayarki ko maganar gaskiya ce a duniya. Tambayar ita ce ko wannan rubutun da ke gabanki ya faɗe ta.

Bari in ba ki misali da abin da ɗan Kebbi ya sani kamar yunwar cikinsa. A ce rubutun ya ce: "An fara bikin kamun kifi na Argungu a 1934. Dubban masunta kan shiga ruwa da homa da gora, kuma kyautar farko ta wanda ya kama kifi mafi girma ce. Wasu daga cikin masuntan daga ƙasashe maƙwabta suke zuwa."

Magana ta farko: "A Matan Fada ake kamun kifin." Na tsaya a bakin ruwan nan da ƙafata, na ga ƙura ta tashi lokacin da masunta suka ruga. Gaskiya ce. Amma ki nemo sunan ruwan a cikin layukan can uku, babu shi. Amsa NOT GIVEN. Haka ma in an ce UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da take karewa a 2016: ya faru, amma rubutun bai ce ba.

Ta biyu: "Wanda ya fi kowa tara kifi da yawa ne ke cin kyautar farko." Nan akwai layin da zan ɗora yatsa a kai, kuma ya ce girma, ba yawa ba. Maganganun biyu sun yi karo, don haka FALSE. Ki riƙe wannan sosai: FALSE ma sai da shaida. Shirun rubutu ba musu ba ne.

Ta uku ce ta fi cin mutane: "Yawancin masuntan 'yan Najeriya ne." Hankali zai ce ai tunda wasu ne kawai baƙi, sauran 'yan gida ne, kuma bikin a Najeriya ake yinsa. To, a nan ne nake yin gwajin da ya cece ni. Sai in juya maganar: "Yawancin masuntan ba 'yan Najeriya ba ne." In ajiye ta kusa da rubutun. Ta ƙaryata wani layi? A'a, domin "wasu" ba ta faɗi ko kaɗan ne ko fiye da rabi ba. Duk lokacin da magana da kishiyarta za su iya zama lafiya da rubutun, amsar NOT GIVEN ce. Da an ce "duk masuntan 'yan Najeriya ne", da FALSE ce kai tsaye, saboda layin ƙarshe ya rushe ta. Kin ga kalma ɗaya ta sauya amsa.

Alamar da ke nuna mini cewa na fara shigo da kayan waje ita ce in ji zuciyata tana cewa "ai dole", ko "ai kowa ya san". Da na ji haka sai in koma neman layi. Ke da kika yi shekaru kina duba masu zazzaɓin cizon sauro, rubutun lafiya ne zai fi jawo miki wannan muryar, shi ya sa ya fi kayar da ke. A lokacin atisaye, ki riƙa rubuta lambar layin shaida kusa da kowace TRUE da FALSE. Wadda kika kasa samo wa layi, ki sake dubanta.

Sai dai kar ki wuce gona da iri. Ba a maimaita kalmomin rubutun yadda suke. In an ce "an soma bikin kafin 1940", TRUE ce, ko da yake 1940 ba ta cikin rubutun, domin 1934 ta riga ta tabbatar da ita. Abin da layi ya tilasta, karɓaɓɓe ne. Abin da ya bari sai an yi zato, ba naki ba ne.

Batun lokaci kuma, a sashen karatu minti 60 ne ga tambayoyi 40. Irin waɗannan tambayoyin suna bin jerin rubutun, saboda haka in kin samo gurbin ta 3 da ta 5, ta 4 tana tsakaninsu. Ki karanta wurin sau biyu a natse. In babu, ki sa NOT GIVEN ki wuce, kar ki koma farko kina laluben abin da ba a rubuta ba.