Shela daban, gayyata daban

"Kawu, an zaɓe ni sakataren ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu a jami'a. An dawo hutu, na rubuta sanarwar neman sababbin mambobi, sai shugabanmu ya ce ba haka ake yi a al'ada ba, wai takarda ba ta gayyatar mutum. Ya kuma ce in jera sunayen manyan garinmu a sama, in cire maganar kuɗi. Mene ne daidai?"

Ɗana, shugabanku ya yi gaskiya a ɗaya, ya kauce a biyu.

Takardar da za ka manna a allon sanarwa shela ce, irin wadda sanƙira ke yi a kasuwa: kowa ya ji, amma ba wanda aka kira. Gayyata kuwa ƙafa take bi. Ka tuna bikin yayarka? Duk unguwa ta san ranar, amma sai da uwarka ta aika da goro gida-gida, don wanda bai ga goron gayyata ba yana da hujjar ƙin zuwa. Haka gayyar noma take, ba a tara samari da ganga kaɗai, sai an fara gaya wa sarkin samari. Sabon ɗalibi baƙo ne, kuma kafin ya baro gida an ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya shiga wata ƙungiya, saboda tsoron ƙungiyoyin asiri. Takarda ba za ta kankare wannan huɗubar ba, sai fuskar da ya sani.

Saboda haka ku manna takardar, sannan ku raba aiki. Makon rajista shi ne lokacinku, sa'ad da baƙin ke yawo da fayil a hannu, ba su san ofishin da za su nufa ba. Wanda ka raka wurin tantance takardu, ka nuna masa inda ake neman ɗaki, ka riga ka gayyace shi tun kafin ka buɗe baki. Ɗakunan kwanan mata kuwa, mata za ku tura. Kada in ji an ce an gan ka a bakin ƙofarsu da dare kana raba fom.

Maganar sunayen manya, a nan nake so ka saurare ni, don na taɓa ƙonewa. Muna ɗalibai na rubuta sunan wani dattijon garinmu a matsayin uban ƙungiya, ina ganin girmamawa ce. Ban je masa ba. Wani uba ya same shi yana tambayar ko ya amince ɗansa ya shiga "ƙungiyarsa", shi kuwa bai taɓa jin labarinta ba. Bai yi faɗa ba, sai ya aika wa mahaifina. Sunan babba amana ce, in ka sa shi a takarda ka ce ya tsaya muku ke nan. Ku je ku biyu ko uku, ku gaishe shi, ku karanta masa abin da kuka rubuta, in ya ce "na yarda" sannan a buga. Mutum ɗaya da ya yarda ya isa. Abin da zai fi kwantar wa baƙo hankali ma shi ne ya ga ƙungiyar tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, da sunan malamin da ke ba ku shawara.

Kuɗi kuma kada ka ɓoye. Na san kunyar da shugabanku ke ji, Bahaushe ba ya son kiran baƙo da roƙo a baki. To amma mu ma mun gwada ɓoyewa: taron farko ɗaki ya cika har wasu na tsaye, ana gama addu'a ma'aji ya fito da rasit, taro na biyu ba mu cika benci biyu ba. Ba yawan kuɗin ne ya kore su ba, mamayar da aka yi musu ce. Rubuta nawa ne, sau ɗaya ne ko kowane zango, da abin da ake yi da shi, ko hayar motar tafiya hutu ko duba mara lafiya. Ka kuma rubuta cewa zuwa taron maraba kyauta ne.

Sauran kaɗan ne. Buɗe da sallama, layi ɗaya, ba kirari. Kada ka rubuta "bayan La'asar" ka tsaya, sa ƙarfe 4:30 da lambar ɗakin. Kuma tunda ƙungiyar gari ce, ba ta addini ba, akwai yaranmu Kirista, don haka kada wurin taron ya zama harabar masallaci, kada kuma ranar ta faɗa Lahadi da safe.

Ka kai wa shugabanku wannan a matsayin shawara, ku biyu kawai, ba a gaban taro ba. Ka turo mini takardar in gani kafin a buga.