Kuɗin Ginin Masallaci: Wane Bayani Mai Gudummawa Zai Iya Nema?

Tambaya: Barista, na ba da naira 500,000 a ginin masallacin unguwarmu. Kwamiti ya ce an tara miliyan 8.4, an kashe 6.9, amma 900,000 kawai ke banki. Zan je bankin in karɓo bayanan asusun. In ba su fito da 600,000 ɗin ba, su mayar mini da kuɗina ko mu haɗu a caji ofis.

Amsa: Alhaji, a yi a hankali. Banki ba zai ba ka komai ba, domin masu sa hannu a asusun kaɗai ya sani. Kuɗinka kuma, a galibin lokuta, ya bar hannunka tun ranar da ka miƙa shi sadaka. Sai in da sharaɗi rubutacce, ko an karkatar da shi zuwa wani abu daban, sannan maganar mayarwa za ta iya tasowa.

Ba da gudummawa ma ba lallai ya mai da kai ɗan ƙungiya ba. In kwamitin na da rajistar amintattu da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta musu ajiye littattafan kuɗi da miƙa rahoto ga hukumar, amma haƙƙinka na duba su ya danganta da tsarin mulkin ƙungiyar. In babu rajista, amana dai tana wuyansu, sai dai bin ta ya fi wuya.

Giɓin nan kuwa ba lallai sata ba ne, ko da yake ban ga takardun ba. A ce wani ya kawo siminti buhu 60, an ƙiyasta kowane a 10,000, ma'aji ya sa 600,000 cikin abin da aka tara, ya manta bai sa cikin abin da aka kashe ba. Ka ga kuɗin da bai taɓa shiga banki ba ya zama “ɓatacce”. Haka kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a, in aka biya magina da lebura da shi hannu da hannu. Wannan sakaci ne, kuma kwamitin da ke karanto jimilla da baki bayan salla shi ya jawo wa kansa zargi.

Ku rubuta musu takarda, ku masu gudummawa da dama, ku ba su mako biyu. Ku nemi tsabar kuɗi daban, gudummawar kaya daban, alkawuran da ba a cika ba daban. Kowane kashewa ya zo da kwanan wata da rasit, na ’yan aiki kuma da sa hannun wanda ya karɓa, sannan a gwada da takardar banki wata-wata. Liman da mai unguwa su zauna da wani akanta da ba ɗan kwamiti ba.

Cin amana laifi ne, sashe na 312 na dokar hukunta laifuka ta final kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, amma sai an nuna mugun nufi, rashin iya lissafi bai isa ba. Kafin nan kada ka kira kowa ɓarawo a zauren WhatsApp, don ƙarar ɓata suna na iya juyowa kanka, ginin kuma ya tsaya a linta.